Neman kalmar Hausa: me za mu ce wa UNIQUE?

Akawun sito: Salamu alaikum. Ina koya wa yaran sitonmu na Kasuwar Dole Excel da Hausa. A ginshiƙin A muna rubuta garin da aka kai buhunan hatsi: Mirya, Magarya, Tanut, Mirya, Gure, Mirya, Tanut. Da na buga

```
=TRIER(UNIQUE(A2:A8))
```

sai ya ba ni Gure, Magarya, Mirya, Tanut. TRIER, wanda na Turanci ke kira SORT, mun ce masa "jera", ba gardama. UNIQUE ne ya tsaya mini. In ce "tilo"?

Ɗan jami'a: Tilo ya yi, yallaɓai. Ai ɗa tilo shi ne wanda ba shi da na biyu.

Malamin lakwal: Nan ne matsalar, ƙanena. Mirya ta zo sau uku, amma ta fito a sakamakon. Ina tilo a nan? Abin da yake yi shi ne ya ɗauki ɗaya daga kowane iri. Tilo na gaske yana nan, sai an roƙe shi:

```
=UNIQUE(A2:A8;FAUX;VRAI)
```

Wannan Magarya da Gure kawai zai kawo, don su ne suka zo sau ɗaya tak. In kun ba na farko sunan tilo, ranar da kuka iso ga na biyu ba ku da sunan ba shi. Ni "ɗai-ɗai" nake cewa: jera ɗai-ɗai.

Hajiya mai shago: Malam, ba "share maimaici" ba ne? Ɗiyata ta danna shi, lissafin wata guda ya ragu rabi.

Malamin lakwal: Ayya Hajiya, wancan Supprimer les doublons ne, shi yana goge layuka da gaske. UNIQUE ba ya taɓa ginshiƙin asali, wani wuri yake zuba sakamakonsa. Shi ya sa ba na son "share" a cikin sunan.

Akawun sito: To ga wata. A babban daftarinmu Mirya ta fito sau biyu duk da ɗai-ɗai ɗin.

Malamin lakwal: Duba ko wani ya bar sarari bayan sunan, ido ba ya ganinsa. Sa SUPPRESPACE(A2:A8) a cikin UNIQUE, zai gyaru. Amma in wani ya rubuta Mirriah wani ya rubuta Mirya, wannan sai hannu, a wurinsa garuruwa biyu ne.

Ɗan jami'a: Nawa #NOM? yake nunawa. Kuma har yanzu "ɗai-ɗai" kamar sayar da goro ɗai-ɗai nake jin sa. "Tace" fa?

Malamin lakwal: Excel ɗinka 2016 ne ko 2019, sai na 2021 zuwa sama ko Microsoft 365 ke da TRIER da UNIQUE. "Tace" kuwa FILTRE ya riga ya kama shi.

Akawun sito: Zan gwada "ɗai-ɗai" da yaran ranar Alhamis, in ji ko za su riƙe.