Haɗa sunayen kamfanoni masu kama: me za mu kira wannan aiki?

Mai lissafi, Zariya 2: Salamu alaikum. Ana da jerin kamfanoni biyu, ɗaya an rubuta shi a Maraɗi da rubutun Faransanci, ɗaya daga Katsina. Nan MOUSSA, can MUSA. Nan OUMAROU, can UMARU. Kwamfuta na auna kamanninsu ta ba da maki daga 0 zuwa 100, don a gane ko mai kamfanin mutum guda ne. Wane suna ya dace da aikin a Hausa? Wani ya ce dishi-dishi.

Ɗan Tibiri: Malam, ai kintace ne. Ko a Excel akwai shi, a sa VRAI a ƙarshen RECHERCHEV, umarnin neman suna a jeri.

Malamar kwamfuta: A'a ƙanena, VRAI ba ya duba kamannin haruffa. Yana buƙatar jeri a tsare, in bai samu sunan ba sai ya ɗauko wanda ya gabace shi a jerin, ko da ba su da dangantaka. Kintace kuma bai dace ba, domin ƙidaya ake yi. Tsakanin moussa da musa harafi biyu aka cire cikin goman da ke sunayen biyu, maki 80 ke nan, ga shi a Python:

```
from rapidfuzz import fuzz
fuzz.ratio("moussa", "musa")
```

Ni dai "haɗin kama" na zaɓa, kishiyarsa "haɗin sak". Dishi-dishi na nuna ido ne bai gani ba, alhali sunan a fili yake, rubutun ne ya bambanta.

Mai lissafi: Hajiya, na so "kama" ɗin, don kama da wane ba ta wane, kuma nan ake faɗawa rami. "ets sani et fils" da "ets sabo et fils" na samun 87,5, sun ɗara Moussa da Musa, alhali mutum biyu ne daban. Kalmomin ets, et, fils da kowa ke da su ne suka kumbura makin. A cire su, sani da sabo su koma 50. Shi ya sa ake fara share ETS, SARL, LTD da ELH, a mai da haruffa ƙanana, ou ya koma u, dj ya koma j, harafi mai ninki ya zama ɗaya. Bayan haka moussa ya zama musa sak.

Ɗan Tibiri: To in ya haura 90 sai in haɗe kawai?

Malamar kwamfuta: Ya danganta da ma'aunin. token_set_ratio na ba "sani" da "sani transport" 100 cif, don kalmomin ɗaya duk suna cikin ɗayan. Duk inda jerin biyu ke da lambar haraji ta NIF ko ta waya, ita za a bi. Inda babu, mutum ya duba da ido.

Wani dattijo, Sabon Gari: Ƴaƴana, "haɗin kama" na iya zama kamun ɓarawo a kunnen mai ji, tunda rubutu ba ya nuna karin sauti. "Awon kamanni" fa?

Mai lissafi: Baba, awon shi ne fitar da maki, haɗin kuwa yanke hukunci. Ko mu riƙe biyun, mu ce "haɗin kamanni"?