Masu amsa cikin minti ɗaya: injin ne ko mutum?

Mamman Sani, Garin Malam: Jama'a, ga abin da ya same ni, kowa ya kawo nasa. Lokacin zafi na ɗauki hoton layin bido a bakin famfon unguwarmu na sa a Facebook, na rubuta cewa ɗan ga-ruwa ya sayar min da bido ɗaya dala talatin. Kafin shayi ya tafasa, amsa tara ta shigo daga mutanen da ban sani ba. Uku cikinsu suna jajanta min wai dalar Amurka talatin kuɗi ne mai yawa a kan ruwa. Duk ɗan Damagaram ya san dala talatin sefa 150 ce. Kuma ba wanda ya ce uffan a kan hoton, alhali akwai tsohuwa zaune kan bidonta cikin rana, ita ce ma dalilin ɗaukar.

Malam Isufu, Birni: Mamman, ka kama su da kyau. Ni na bi irinsu a X, don can ana iya buɗe shafin mutum a shiga Réponses a ga duk amsoshinsa a jere da lokacinsu. Na zaɓi ɗaya na ƙirga: amsa 14 cikin minti 10, kowace layi huɗu ko biyar, a kan siyasa, ƙwallo, ta'aziyya da farashin gero. Na gwada rubuta ɗaya da babban yatsana, ta ci min fiye da minti biyu, ban ma haɗa da karanta abin da ake amsawa ba. Na koma baya kwana uku ina neman inda ya yi shiru na awa biyar ko shida, wato barci, ban samu ba. Ƙarfe uku na dare yana nan, lokacin Juma'a yana nan. Sai kuma ginin maganar: kalmomin suna canzawa, amma kullum zai fara da yabo, ya maimaita maka abin da ka faɗa, ya rufe da tambayar me kake gani. In ka amsa tambayar, ba ya dawowa.

Zainabu, Sabon Gari: Malam, ni da rubutu nake gane su. Mu nan "sannou" da "gaskia" muke bugawa, mu cusa Faransanci a tsakiya. Duk wanda ya zo da Hausa tsaf, da ƙ da ɗ da waƙafi, inji ne kawai.

Malam Isufu: Ƙanwata, da rabin gaskiyarki. Amma ga shi ni ma da ƙ da ɗ nake rubutu, haka mutanen Kano da Katsina da yawa. Abin da za ki duba shi ne wanda ya ce a Zango yake zaune, amma bai taɓa cewa kuran ko rezo ba, kuma yana lissafi da naira.

Alhaji Lawali, Kasuwar Dole: Ni ma sun cuce ni bara. Sun shiga asusuna suna roƙon 'yan'uwa kuɗi da sunana, har ƙanena ya tura jaka goma.

Mamman Sani: Allah ya mayar da alheri, Alhaji, amma wannan satar asusu ce, ɓarawo ne da hannunsa. Namu asusun da aka ƙirƙira ne don zuba amsoshi.

Habu Gadi: Ku yi hankali da zancen dare, don Allah. Ni gadi nake yi, daga sha biyu zuwa asuba wayata na hannuna. An taɓa ce min inji a bainar jama'a don na amsa ƙarfe uku, abin ya yi min ciwo. Kuma in an yi rasuwa, mutum ɗari za su rubuta "Allah ya jiƙansa" iri ɗaya, duk mutane ne.

Malam Isufu: Gaskiya ne, Habu, shi ya sa ba na yanke hukunci da alama ɗaya. Kai kana barci da rana, za a ga giɓin. Sai gudun ya wuce ƙarfin yatsa, ginin ya zama ɗaya, kuma amsar ba ta taɓa abin da ke cikin hoto ko bidiyo ba, sannan nake toshewa.

Zainabu: To akwai waɗanda suka fi ɗaure min kai. A wata fada na ga samari an turo musu rubutu goma ta WhatsApp, kowa ya kwafi ɗaya ya manna, a ba shi na kati. Suna barci, suna salla, in ka tanka su rama da Hausar gida. Rubutun na inji ne, yatsun na mutane. Su a ina za mu sa su?

Mamman Sani: Ban sani ba, wallahi. Cikin tara ɗin nan nawa na tambayi kowa wace unguwa yake ɗiban ruwa. Takwas shiru har yau. Ɗaya ya ce Kara-Kara, ya ce can bido ya kai dala arba'in.