Me za mu kira "siponsa" a takardar da za mu kai wa 'yan kasuwa?

Sakataren matasa: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu na shirin taron ƙara wa juna sani kan addini na kwana biyu, an ɗora min rubuta takardar da za a kai wa 'yan kasuwa. A baki "siponsa" muke cewa, amma ba na so ta shiga takarda. Na sa "neman taimako", shugabanmu ya ce kamar mun fito da ƙoƙon bara.

Wani ɗalibi: Ka sa "neman gudummawa" kawai. Ko "tallafi", duk ɗaya ne.

Tsohon ma'aikacin rediyo: Wa alaikumus salam. Ba ɗaya ba ne, ɗana. Mai gudummawa ya ba da abin da ya sawwaƙa ya wuce, ba ya jiran komai. Siponsa kuwa akwai alkawari a ciki: ya biya, ku kuma ku sa sunan kamfaninsa a ƙyallen taro, mai gabatarwa ya ambace shi. Mu a gidan rediyo "ɗaukar nauyi" muke cewa, kamar yadda kuke ji, wane ne ya ɗauki nauyin kawo muku wannan shiri.

Wata 'yar kasuwa: Baba, ni an taɓa kawo min irinta, an rubuta "ɗaukar nauyin taro". Na ɗauka duk hidimar ake son jibga min, na ajiye takardar ban amsa ba. Ashe kuɗin hayar lasifika kaɗai suke nema!

Tsohon ma'aikacin rediyo: To Hajiya, ai laifin mai rubutun ne. Kada a bar kalmar tsirara. A ce ɗaukar nauyin hayar zaure, ɗaukar nauyin masaukin malamai, ɗaukar nauyin buga takardun gayyata, kowanne da kuɗinsa a gabansa, mutum ya zaɓi wanda zai iya.

Wani mai bibiya: Ni dai a ce su fitar daga zakka, magana ta ƙare.

Wani malamin Islamiyya: A'a, malam, zakka tana da mutanenta takwas a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, wannan sai an nemi fatawa. Abin da ya fi damuna shi ne rubuta "sadaka" a takardar da aka yi alkawarin talla a cikinta. Bayyana sadaka ba laifi ba ne, aya ta 271 a Baƙara ta yarda, ko da yake ta ce ɓoyewa ya fi. Amma in an yi ciniki kan ambaton suna, a kira shi da sunansa.

Sakataren matasa: Na gode, Malam. Kan takarda zai zama "Neman ɗaukar nauyi da gudummawa", da gurbin da mutum zai nuna ko yana so a ambace shi. Saura wanda ya biya rabin kuɗin zaure kuma yana son sunansa a ƙyalle, shi mai ɗaukar nauyi ne?

Wani ɗalibi: Mai kama nauyi?

Wata 'yar kasuwa: Wannan sai ka ce ɗan dako.