Neman kalma: laburaren da Python ke nema ya rasa

Maman Hanifa: Jama'a a taimaka. Ranar Asabar zan koyar da ɗalibai haɗa Python da PostgreSQL, takardar darasin kuma da Hausa take. Misalin da na ɗauka shi ne wannan kuskuren:

```
ImportError: libpq.so.5: cannot open shared object file: No such file or directory
```

Me zan kira irin su libpq, laburaren da ake magana da PostgreSQL ta cikinsa, da Hausa? Turawa suna cewa netif laburare. Direba ma, wato psycopg2 mai haɗa Python da PostgreSQL, in bar ta haka?

Ɗanjuma: Anti, ki sake `pip install psycopg2` kawai, zai tashi.

Injiniya Rabi'u: Ba gyara ta nema ba, Ɗanjuma, kuma ko gyaran ne ba haka ba ne. Da psycopg2 ce babu, ModuleNotFoundError za a gani. A nan tana ciki daram. Wani ɓangarenta da C aka rubuta, shi ne yake neman libpq lokacin da Python ta ɗauko shi. An fi cin karo da wannan a Docker: a matakin gini an sa libpq-dev da gcc, komai ya haɗu, sai a kwashe fayilolin zuwa hoton `slim` wanda babu libpq5 a ciki. A gwada `ldd`, umarnin da ke jera laburaren da fayil yake buƙata, a kan fayil ɗin `_psycopg` mai ƙarewa da `.so`, za a ga:

```
libpq.so.5 => not found
```

Magani a Debian ko Ubuntu: `apt-get update && apt-get install libpq5`. Kalma kuwa, ni "laburaren inji" nake cewa, don an riga an juya shi zuwa harshen injin da zai yi aiki a kai. Na x86_64 ba zai yi a ARM ba.

Malam Tukur: Laburare aro, inji aro, direba aro. To ina Hausar? Direba matuƙi ne. Ɗayan kuma "taskar asali". Na daɗe ina ba da shawarar taska, ba wanda ya kula.

Maman Hanifa: Allah ya gafarta Malam, na riga na sa "rumbun bayanai" a shafi na farko. In na kawo taska kusa da rumbu, yaran za su ɗauka can ake ajiye bayanan. Kuma psycopg2 ba ta tuƙa komai, saƙo take kaiwa ta dawo da amsa.

Ɗanjuma: Tunda netif ne, a ce laburaren En'e mana, mu tuna da zamanin Turawa.

Malam Tukur: Wasa ka mai da abin. Irin wannan sakacin ne ya sa yaro ba ya iya jera magana uku sai ya tsoma Turanci.

Na Damagaram: Malam, ku yi haƙuri, amma mu a nan "pilote" muka koya a makaranta, ba direba ba. Kullum ku na Kano sai ku yanke kalma ku ce ita ce ta kowa.

Malam Tukur: Ni ba Bakano ba ne. Kuma abin da ka faɗa hujjata ce: aro ya raba mu, matuƙi kowa ya san shi.

Zainab: Ni ma jiya na sha wannan, ashe sabar ce ba ta kunne.

Injiniya Rabi'u: Naki daban ne, ƙanwata. Wannan OperationalError yake bayarwa, bayan direban ya tashi lafiya ya nemi saba bai samu ba. Na Maman Hanifa tun a layin `import` yake faɗuwa, ko kusa da sabar ba a je ba.

Na Damagaram: To me zai hana "laburaren tsari", tunda da apt ake sa shi ba da pip ba?

Injiniya Rabi'u: Ka kusa, sai dai psycopg2-binary ta ɓata maka lissafi. Ita tana zuwa da nata kwafin libpq a cikin ƙunshinta, pip ne ya kawo shi, tsarin bai san da zamansa ba, amma har yanzu netif ne. Shi ya sa ɗalibai ke samun sauƙi da ita, ko da yake masu psycopg2 sun fi son a gina daga tushe idan aikin gaske ne. "Asali" ma zai rikita: pg8000 Python ce zalla, ba ruwanta da libpq, ɗalibi zai iya cewa ai ita ce ta asali.

Malam Tukur: Ya iya cewa, malami ya gyara masa. Aikin malami ke nan.

Maman Hanifa: Lokaci ya ƙure mini. Zan rubuta "laburaren inji", direba kuma na bar ta yadda take. Malam, zan sa taska a ƙasan shafi, in ce wasu haka suke so.

Malam Tukur: Ƙasan shafi. To, na ji. Amma matuƙi ban janye ba.

Ɗanjuma: Injiniya, na Windows mai cewa `DLL load failed` fa, shi ma laburaren inji ne?

Injiniya Rabi'u: Shi ne. Sai dai can babu ldd, gano wanda ya ɓata ya fi wuya.