Cike gurbi da lokutan aikatau: “suke” ko “sukan”?

Assalamu alaikum malamai. Don Allah ku duba mini wannan aikin cike gurbi. An ce a sa kowane aikatau a lokacin da ya dace, bisa la'akari da labarin gaba ɗaya:

“Jiya ɗalibai (1. shiga) aji da wuri. Da malami ya iso, sai (2. miƙe). Kullum haka (3. yi). Amma kafin (4. zauna), aka kaɗa ƙararrawa.”

Na sa “sun shiga” a na 1 saboda “jiya”. Na 2 “suka miƙe”, tunda “sai” ta biyo bayan “da ya iso”. Na 4 kuma “su zauna”, don haka “kafin” take buƙata ko da abin ya wuce.

Na 3 ne ya hana ni sakat. “Kullum” tana nuna sabo, wato “sukan yi”. Amma da “haka” ta zo gaba, kunnena ya fi karɓar “suke yi”, kuma “suna yi” sam ba ta shiga. Shin sauran jimlolin na nuna ɗaya, ko duka biyun daidai ne? Na gode.