Manhaja biyu masu tambari ɗaya, wacce ce ta gaskiya?

Mai Albasa, Aliero:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi sabuwar waya Tecno a Jega, yaron shagon ya tura min ta Xender manhajar asusun da nake karɓar kuɗin albasa. Na sa lambar waya da lambar sirri, sai ta ce in sa lambar katina da BVN, nan na tsaya. Da na duba Play Store sai na ga guda biyu masu tambari iri ɗaya. Mi ya kamata in duba in gane ta kamfanin?

Baban Sadik, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Abin nan mai sauƙi ne. Goge wadda aka tura maka, ka shiga Play Store ka ɗauki wadda ta fi yawan masu saukewa da taurari. Duk abin da ke cikin Play Store ai Google ya tantance shi.

Injiniya, Gusau:
Baban Sadik, maganar gogewa daidai ce, amma ba ita ce ta farko ba. Alhaji ya riga ya rubuta lambar sirrinsa a cikin manhajar da bai san asalinta ba. In ta bogi ce, lambar ta tafi tun lokacin da ya danna, gogewa ba za ta dawo da ita ba. Alhaji, ka kashe data a wayar nan yanzu. Ka ɗauki tsohuwar wayarka ko ta wani amintacce a gida, ka shiga ta manhajar gaskiya ka canza lambar shiga da lambar tura kuɗi duka biyu. In wannan lambar ce kake amfani da ita a wani bankin, can ma ka canza.

Batun cewa Google ya tantance komai kuwa, ana tacewa, amma wasu na zillewa. Buɗe asusun mai wallafa manhaja a Play Store dala 25 ne, biya ɗaya, ba wani kuɗi ba ne ga ɗan damfara. Ko a shagon Apple da ake ganin ya fi tsauri, a 2021 an sami manhajar bogi mai kwaikwayon asusun kirifto na Trezor, mutum ɗaya ya yi asarar bitkoyin fiye da 17 a cikinta.

Malama Mai POS, Argungu:
Ni ma suna damuna wallahi. Mutum zai nuna maka waya an rubuta kuɗi sun tafi, ga rasit kore shar, amma ba abin da ya shigo. Kar ka ba da kaya sai ka ga kuɗin a naka asusun.

Injiniya, Gusau:
Malama, wannan wata cutar ce daban. Taki tana wayar mai damfara yana nuna miki rasit ɗin ƙarya, ta Alhaji kuma tana wayar mai kuɗin tana kwashe sirrinsa.

Alhaji, ga yadda ake yi. Kar ka fara daga akwatin bincike na Play Store, don abin da ke fitowa a sama sau da yawa talla ne, za ka ga an rubuta "Sponsored" da ƙananan haruffa, wanda ya biya ne aka ɗora. Ka fara daga wurin kamfanin. Adireshin shafinsu yawanci yana bayan katinka na cirar kuɗi ko jikin takardar da suka ba ka. Ka rubuta shi da hannunka, ka nemi maɓallin "Get it on Google Play" a shafin, shi zai kai ka ga manhajarsu kai tsaye. Wadda ya buɗe maka ita ce tasu, ko da akwai goma masu kama da ita.

Dalili shi ne, tambari da launi da suna da hotuna duk ana kwafarsu cikin minti kaɗan. Abin da ba ya kwafuwa a cikin Play Store shi ne sunan da manhajar ke ɗauke da shi a adireshinta, don ba a yarda manhaja biyu su yi tarayya a kansa ba. In ka buɗe shafinta, ka danna ɗigo uku na sama a dama, ka zaɓi "Share", ka kwafi adireshin ka liƙa a inda za ka iya karantawa. Abin da ya biyo bayan `id=` shi kake nema. Misalin biyu da kowa ya sani a nan:

```
play.google.com/store/apps/details?id=team.opay.pay
play.google.com/store/apps/details?id=com.transsnet.palmpay
```

Ka lura da su da kyau. Na OPay da `team` ya fara, na PalmPay kuma akwai `transsnet` a tsakiya. Da cewa aka yi mutum ya yi hasashe, ba zai taɓa kawo waɗannan ba, kuma na bogi zai iya zuwa da sunan da ya fi na gaskiya kama da gaskiya a ido. Shi ya sa ba a yanke hukunci da kyan sunan, sai an gwada shi harafi da harafi da wanda shafin kamfanin ya kai ka.

Mai Albasa, Aliero:
Na canza lambobin da tsohuwar wayar, kuɗina na nan lahiya lau, Alhamdulillahi. Na duba biyun. Ta farko 10M+, sunan kamfani a ƙasanta mai Limited a ƙarshe. Ta biyu 5K+, taurari 4.8, ita ma sunan kamfanin ne amma anka ƙara "Official".

Hajiya Ma'aikaciyar Banki, Birnin Kebbi:
Alhaji, ta biyun nan ka ƙara tona ta. Danna "About this app" ka gangara ƙasa, akwai "Released on" da "Offered by". Kamfanin da ya shekara da shekaru yana aiki, wakilansa a kowace kasuwa daga Jega har Yauri, ba za ka ga manhajarsa ta fito watan jiya da mutum dubu biyar kacal ba. Sannan ka koma baya ka buɗe "App support". A nan ake sa shafin yanar gizo da adireshin imel, da "About the developer" inda ake nuna cikakken sunan da aka yi rajista da shi da ƙasa. Tun 2023 Google ke neman lambar shaidar kamfani da ake kira D-U-N-S daga kamfanonin da ke buɗe sabon asusu, don haka wanda ya yi rajista a matsayin kamfani za ka ga sunan kamfani da adireshin ofis. Idan ka ga sunan mutum ɗaya, ko wata ƙasa da ba ta da alaƙa da bankin, ko imel mai ƙarewa da gmail.com, to ka bar ta. Banki mai lasisin CBN ba ya karɓar koke da imel irin na ɗan makaranta.

Ka kuma taɓa sunan mai wallafawar da ke ƙasan sunan manhajar, zai nuna maka sauran abubuwan da ya wallafa. Na gaskiya za ka ga manhajar 'yan kasuwa ko ta wakilai, duk harkar kuɗi. Na bogi ko dai guda ɗaya tal, ko tarkacen tocila da wasanni da hotunan bango.

Taurari 4.8 kuwa ba hujja ba ce, saye ake yi. Buɗe sharhin, zaɓi masu tauraro ɗaya, ka jera su da "Most recent". Manhajar banki ta gaskiya cike take da masu ƙorafin kuɗi sun maƙale ko sabis ya ɗauke, kowa da irin nasa. Wadda duk sharhinta "Good app" ne, an rubuta su cikin kwana biyu ko uku, ita ce abin tsoro.

Baban Sadik, Birnin Kebbi:
To ai maganata ce dai Hajiya. Mai miliyan goma ita ce ta gaskiya.

Hajiya Ma'aikaciyar Banki, Birnin Kebbi:
A wannan karon ta yi daidai. Amma banki kan fitar da sabuwar manhaja ya ajiye tsohuwar, a makonnin farko sabuwar ba ta da jama'a kuma ita ce ta gaskiya. Ƙananan bankunan ba da rance ma wasu kamfanin da ya gina musu manhajar ne ke wallafa ta da sunansa. A irin wannan, yawan masu saukewa da sunan mai wallafawa duk za su iya ruɗa ka, sai dai shafin bankin ko ka je reshe ka tambaya.

Injiniya, Gusau:
Saura wadda ke cikin wayar, wadda ta zo ta Xender. Duk binciken da muka faɗa bai shafe ta ba, don ba ta bi ta Play Store ba. A wajen shagon ana iya ɗaukar manhajar gaskiya a farke ta a cusa mata abu, a bar mata sunanta na asali. Mai shagon ma wataƙila bai sani ba, shi ma wani ne ya tura masa. Danna hotonta ka riƙe, zaɓi "App info", ka gangara ƙasa, wayoyi da yawa na nuna daga inda aka girka ta. Kafin ka goge ta, duba abubuwa huɗu a "Settings": izinin SMS, "Accessibility", "Display over other apps", da "Device admin apps". Na SMS shi ke ba ta damar karanta OTP kafin ka gani. "Accessibility" ya fi muni, da shi take ganin abin da ke allonka har ta danna maɓalli da kanta. Na uku shi ne ke sa ta shimfiɗa shafin ƙarya a kan manhajar bankinka ta gaskiya, kana rubutu kana zaton a bankin kake. Na huɗun ke hana maɓallin "Uninstall" aiki, in ka gan ta a ciki ka cire mata wannan ikon tukun.

Bayan nan ka buɗe Play Store, danna hotonka na sama, shiga "Play Protect" ka danna "Scan". Ka kuma kashe "Install unknown apps" ga Xender da WhatsApp da Chrome. Ta biyun mai "Official" kuma ka kai ƙararta ta ɗigo uku, "Flag as inappropriate", sannan "Copycat or impersonation".

Ɗan Gyaran Waya, Jega:
Oga Injiniya, ni a ganina waya ce sabuwa, ba komi cikinta. Ya mayar da ita yadda ta fito daga kwali da "Factory reset" ya huta, tunda bai san mi da mi yaron ya tura ba. Irinsu Anatsa, muguwar manhajar nan mai satar kuɗin banki, ai cikin manhajar karanta PDF da ta duba QR sunka riƙa ɓoyewa, ba da sunan banki ba.

Injiniya, Gusau:
In bai ba ta "Accessibility" ba, gogewa ta isa a wurina. In ya ba ta, ko bai tuna ba, na bi bayanka.

Mai Albasa, Aliero:
Na duba. Ba ta cikin "Accessibility", amma tana da izinin SMS tun jiya da la'asar. Wanga ya isa in yi na Ɗan Gyaran Waya?

Hajiya Ma'aikaciyar Banki, Birnin Kebbi:
Wannan su biyun su ƙarasa muhawararsu. Abin da ya shafe ni shi ne saƙonnin da ta iya karantawa tun jiya. In layin nan ne ke karɓar saƙon sauran bankunanka, ta iya ganin wane banki kake da shi da nawa ke ciki. Duba bayanin shige da ficen kowane asusu daga jiya zuwa yanzu. In ka ga cirar da ba kai ka yi ba, ka rufe asusun nan take da lambar gaggawa, ana yi daga kowace waya: Access `*901*911#`, Zenith `*966*911#`, sauran ka nemi tasu a shafinsu. Ka rubuta koke ga bankin ka karɓi lambar koken, in mako biyu sun wuce ba su warware ba sai ka tura wa sashen kare masu hulɗa na CBN a cpd@cbn.gov.ng. Kuma ka sa ran kira a kwanakin nan daga wanda zai ce daga kamfanin yake, zai faɗi sunanka daidai, ya nemi ka karanto masa lambar da ta shigo. Ka kashe kiran, ka kira lambar da ke bayan katinka.