Fedar hagu ta ƙi kwancewa, na rasa yadda zan yi

Baban yara: Assalamu alaikum jama'a. Keken yarona ne, wanda yake zuwa Islamiyya da shi a nan Daura. Na ƙanena ne asali, ya bar mana shi da ya koma Katsina, keken kuma ya shekara biyu a zaure ruwa na dukansa. Feda ta fashe, na sayo sabbi. Ta dama ta fito lafiya, ɗayar kuwa tun jiya nake fama. Na zura bututu a sifana na taka da ƙafa, ta ɗan motsa sannan ta ƙame. Asabar yaron zai koma makaranta. Me zan zuba mata?

Direban Kanta: Wa alaikumus salam. Alhaji, tsatsa ce. Jiƙa ta da kananzir ta kwana, ka ƙara tsawon bututun.

Mai gyaran keke: Alhaji, don Allah ajiye bututun nan. Motsin da ka ji, ɗaurewa ta ƙara yi. Fedar hagu zaren hagu gare ta. Duba bakin ƙarfenta wajen da sifana ke kamawa, za ka ga L, ta dama kuma R. Tsaya ta gefen hagu, ka kama da sifana lamba 15, hannunta na kallon sama, ka tura shi wajen tayar baya. Fedodin biyu duk ta baya suke kwancewa.

Baban yara: Malam, ba yau na fara kwance noti ba. Duk abin da na sani hagu ake murɗawa ya kwance. Kuma na duba, ban ga wani harafi ba, tsatsa ta rufe. Me zai sa a yi abu a juye?

Direban Kanta: Af, gaskiyar Malam ne. Kantata ma notin tayoyin hagu L ne a kansu. Wani yaron faci a hanyar Mai'adua ya hau kan sifana har ya karya mini biyu, na kwana a hanya da kayan mutane, kuma ko haƙuri bai ba ni ba. Dalilin dai juyawar taya ne, feda ma juyawarta ke ɗaure ta.

Mai gyaran keke: Direba, ka kusa, amma a feda ba juyawar ba ce, nauyin ƙafa ne. Riƙe biro sako-sako a dunƙulen hannunka, ka kama bakinsa ka riƙa zagayawa da shi kamar mai tuƙa tuwo. Za ka ga biron kansa yana mirginawa a hankali, kishiyar inda kake zagayawa. Haka ƙarfen feda yake yi cikin raminsa duk takun da yaro ya yi, domin komai ɗaurin akwai ɗan sarari tsakanin zare da zare. A dama mirginawar nan ɗaure zaren da aka saba take yi. A hagu kwance shi za ta yi, feda ta faɗi ana cikin tafiya. Shi ya sa aka juya zaren.

Alhaji, tunda ba ka ga harafi ba, ɗauko sabbin da ka sayo. Tsayar da ƙarfen kowace a gaban idonka, ka kalli layukan zaren. Wadda layukanta ke hawa ta dama, zaren dama ce. Wadda ke hawa ta hagu, ita ce ta hagu. Ko ka kifa ta, hawan ba ya canzawa. Kada ka haɗa su da ƙarfi in za ka ɗaura: shafa giris, ka fara da yatsu. In ta cije tun zagayen farko, ba wurinta ba ne.

Maman 'yan biyu: Ashe shi ya sa na fasa murfin da ke riƙe fikafikan fankata ina son wankewa. Sai daga baya na ga an rubuta LOOSEN da kibiya. A Daura ina ake samun murfin kaɗai?

Mai walda: Mu ma notin tiyon gas mai kamawa da wuta na hagu ne, akwai tsaga a kusurwoyinsa, don kada a haɗa shi da na iska. Alhaji kawo keken in haska masa wuta, minti biyu ta fito.

Mai gyaran keke: Banda wuta tukuna, Oga. In ƙarfen da fedar ke shiga na alminiyam ne, ruwan zafi ya isa. Abin da nake tsoro shi ne takun bututun nan ya riga ya cinye zaren ramin. In ka kwance ka ga garin ƙarfe fari a jikinta, sai an sake ƙarfen gaba ɗaya.

Baban yara: Ni dai bututun ba shi da laifi, da shi na kwance ta dama. Na gwada ta baya yanzu, sifanar zamewa take, bakin ya fara mulmulewa. Kuma ta bayan ƙarfen na ga wani dunƙule kamar ɗigon walda. Na kira ƙanena in ji ko ya taɓa kai shi gyara, bai ɗauka ba.